Gyaran Taƙaitaccen Tarihi: Yadda Ake Faɗa wa Marubuci Abin da Zai Gyara



Taƙaitaccen tarihi shi ne 'yar takardar nan da ake karantawa a lasifika kafin a karrama mutum. Ana karanta shi ranar naɗin dagaci ko mai unguwa. Ana karanta shi a walimar malamin da ya yi ritaya, ko ranar da ƙungiyar gari za ta ba wani ɗanta lambar yabo. A garuruwan arewacin Kano, su Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi, Tsanyawa, Bichi da Minjibir, yawanci wani matashin malamin makaranta ake ɗora wa rubutun. Idan ya gama, sai ya kai wa wani babba ya duba.

Shirin na yau a kan wannan babban yake, wato mai dubawa. Me zai ce wa marubuci? Ta yaya zai faɗa har maganar ta zama abin da za a iya aiki da shi? Kuma sau nawa takardar za ta je ta dawo kafin a ce ta yi?

Kashi na farko: maganar da ba ta gyara komai.

Maganganu uku aka fi ji daga bakin mai dubawa. Ya yi tsawo. Yabon ya yi yawa. Bai yi daɗin ji ba. Dukkansu suna iya zama gaskiya. Amma marubucin da aka faɗa wa ɗaya daga ciki zai koma gida bai san inda zai sa biro ba. An ce ya yi tsawo, to ina zai yanke? Sai ya yanke abin da ya fi sauƙin yankewa, wanda sau da yawa shi ne abin da ya fi amfani. An ce yabon ya yi yawa, sai ya tsorata, ya kwashe duk wata kalma mai daɗi. Takardar ta dawo da sabuwar cuta.

Ku tuna abin da ke faruwa a shagon tela. Wanda ya ce wa tela riga ba ta yi ba, zai dawo ya tarar da ita yadda ya bar ta, ko an ɓata ta. Wanda ya ce a rage hannun yatsa biyu, a bar wuyan yadda yake, zai karɓi rigarsa daidai.

Gyaran da zai yi aiki yana ɗauke da abu uku. Na ɗaya, wurin: wane layi, wace jumla. Na biyu, dalilin: me wannan jumlar za ta jawo a kunnen masu sauraro. Na uku, abin da za a yi: a cire, a rage zuwa kaza, ko a sauya da kaza. Wurin, dalilin, abin yi. Akwai na huɗu da ake yawan mantawa, shi ne a faɗi abin da ba za a taɓa ba. Marubucin da ba a gaya masa inda ya yi daidai ba yakan rushe wurin tare da sauran.

Kashi na biyu: misalin da za a bi har ƙarshe.

A ɗauka wani hedimastan firamare ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ɗambatta zai yi ritaya, a shekarar 2019. Ƙungiyar iyaye da malamai ta shirya masa walima a filin makaranta. Za a fara bayan azahar, a tashi kafin la'asar. Hakimi zai turo wakili, dagaci zai zo, sakataren ilimi zai yi jawabi. An ba wani matashin malami aikin rubuta tarihin, mataimakin hedimasta kuma shi ne mai dubawa.

Matashin ya kawo shafi uku, kalma kusan 900.

Kafin mai dubawa ya buɗe baki, akwai tambaya biyu da zai fara samun amsarsu. Wa zai saurara? Minti nawa aka ba takardar? Ba tare da waɗannan ba, babu ma'aunin da zai ce ta yi tsawo. Kalma 900 ba ta yi yawa ba idan a ɗan littafin taro za a buga ta. A lasifika kuwa, ƙarƙashin rumfa, da rana tsaka, labarin daban ne. A wannan taron kwamiti ya ba tarihin minti 3.

Kashi na uku: zagaye na farko, tsawo da gaskiyar bayanai.

Ana fara duba tsawo da agogo. Mai dubawa ya sa marubucin ya karanta da ƙarfi, a natse, yadda za a karanta ranar taro, shi kuma ya riƙe waya yana duba lokaci. Mai karatun Hausa a natse yakan yi kusan kalma 120 a minti ɗaya. Wani ya ɗara, wani ya gaza, shi ya sa ake aunawa da bakin wanda zai karanta. A misalin nan takardar ta ci minti 7 da rabi. Minti 3 ake da shi. Ke nan ana neman kalma kusan 360, wato za a zubar da fiye da rabi.

Ga yadda mai dubawa zai faɗa: "Malam, na auna, ta ci minti 7 da rabi, mu kuwa minti 3 muke da shi. Sakin layi na farko, inda ka jero gaisuwar manyan baƙi, a cire shi gaba ɗaya, domin mai gabatarwa zai riga ya gaishe su. Sakin layi na biyu, tarihin kafuwar gari, shi ma a cire, domin mutanen garin ne a zaune. Makarantu tara da ya koyar, a ambaci ta farko da ta ƙarshe da wadda ya fi daɗewa, sauran a ce da wasu shida. Labarin shekarar da iska ta yaye rufin aji ya koyar a gindin darbejiya, kada ka taɓa shi."

Ku lura, masu sauraro. Kowace jumla a nan tana da wuri, tana da dalili, tana da abin yi. Ta ƙarshe kuma ta kare abin da ya fi kyau a takardar.

A wannan zagayen dai ake duba shekaru da sunaye. Wannan aikin lissafi ne, da biro a gefen takarda. Daftarin ya ce an haifi hedimasta a 1964, ya yi firamare daga 1972 zuwa 1978, ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Bichi ya yi shekara biyar, ya fito da takardar malanta mai daraja ta biyu, wadda aka fi sani da Gired Tu. Sannan ya ce ya fara aiki a 1982, ya yi shekara 35 yana aiki.

A haɗa a gani. 1978 da shekara biyar, 1983 ke nan. To yaya aka yi ya fara aiki a 1982 yana ɗalibi? Kuma 1982 da shekara 35 ya kai 2017, ga shi ritayar a 2019 take. Lissafin yana nuna 1984. Amma mai dubawa ba zai gyara da ka ba. Zai ce a nemo takardar ɗaukar aiki, a kwafo shekarar daga cikinta. Shekarar haihuwa ma haka. Mutane da yawa na wancan zamanin suna da shekarar da ke takardar aiki da kuma wadda iyaye suka faɗa, to a tambayi mai tarihin wadda yake so a karanta.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ɓuya. Daftarin ya ce a 1970 an kai shi karatun allo Haɗeja ta jihar Jigawa. A 1970 babu jihar Jigawa. A 1991 aka cire ta daga jihar Kano, ita kuma jihar Kano a 1967 aka kafa ta. Dattawan da ke zaune a rumfar sun san haka sarai. Gyaran gajere ne: a ce Haɗeja kawai, ko a ce Haɗeja wadda a lokacin take cikin jihar Kano. Haka ake bi da sunan duk makarantar da aka sauya wa suna, da duk ƙaramar hukumar da aka ƙirƙiro daga baya.

A wannan zagayen mai dubawa ya ga yabon ya yi yawa. Ya gani, amma ya yi shiru. Dalili kuwa, fiye da rabin takardar zai tafi, kuma babu amfanin gyara jumlar da gobe za a zubar. Kowane zagaye da nasa aikin.

Kashi na huɗu: zagaye na biyu, yabon da ya wuce kima. A nan za a daɗe, domin nan ne aka fi samun saɓani.

Takardar ta dawo da kalma 400. Shekaru sun daidaita. Yanzu ga jumlolin da ke ciki:

"Gwarzon malami ne da babu kamarsa a duk faɗin ƙasar Kano. Shi ne ya gina azuzuwa shida a wannan makaranta. Ya yaye dubban ɗalibai da suka zama manya a ƙasa. Kafin zuwansa makarantar nan kango ce."

Marubucin bai yi haka da mugun nufi ba. Yana ƙaunar shugabansa, kuma kunnensa ya saba da kirari a wurin taro. Amma kirari yana da masu shi. Idan maroƙi ya ce babu kamar wane, kowa ya san sana'arsa yake yi, babu wanda zai tashi ya ce a kawo shaida. Takardar da aka kira tarihi kuwa, da sunan makaranta ake karanta ta, kuma mai tarihin yana zaune yana ji. Jama'a za su ɗauka ya gani ya amince. Yabon sai ya koma kamar daga bakinsa ya fito, Hausawa kuwa sun ce yabon kai jahilci.

Yanayin wannan yanki ma yana ƙara wa abin nauyi. Ƙauyuka ne kusa da kusa, gona na jingine da gona. Mutumin wannan gari yana cin kasuwar wancan, yana aure a na gaba. Wanda ya yi dakon yashin ginin ajin yana cikin rumfar. Iyalan tsohon hedimasta suna cikin rumfar. Ƙarin gishirin da zai iya wucewa a babban ɗakin taro a birni, a nan kafin magariba an tattauna shi a kowace majalisa.

To yaya mai dubawa zai bi? Kowace jumlar yabo a yi mata tambaya biyu. Wa zai iya shaida wannan? Wa wannan zai ɓata wa rai?

Jumla ta farko, babu kamarsa a faɗin ƙasar Kano. Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, babu wanda ya zagaya su ya auna malamansu. Ga kuma hedimastoci 'yan uwansa an gayyato su. Mai dubawa zai ce: "Malam, wannan layin a cire. A madadinsa ka tambayi tsofaffin malamai abu ɗaya da suka gani da idonsu." Aka tambaya, aka samu: a shekarunsa na shugabanci, shi ke riga kowa zuwa, shi ke buɗe ofis. Wannan magana ce da maƙwabtan makaranta za su gyaɗa kai idan sun ji.

Jumla ta biyu, shi ne ya gina azuzuwa shida. Da aka bincika, huɗu hukumar ilimin firamare ce ta gina, biyu kuma aikin gayya ne na ƙungiyar iyaye da malamai. Abin da hedimasta ya yi shi ne bin takarda ofis-ofis da tara iyaye. Wannan aiki ne babba, kuma shi ya kamata a faɗa. Gyaran: "A zamaninsa aka gina azuzuwa shida. Ya yi ta zarya har hukuma ta gina huɗu, ya haɗa kan iyaye suka gina biyu." Ku ji bambancin. Jumlar ba ta rage masa komai ba, kuma ta ba kowa haƙƙinsa.

Jumla ta uku, dubban ɗalibai da suka zama manya. Ana iya barin adadin idan rajistar makaranta ta nuna shi. Idan ba a ƙirga ba, a bar lissafi, a nuna abin da ido ke gani: uku daga cikin malaman makarantar a yau ɗalibansa ne, ma'aikaciyar asibitin garin ma haka.

Jumla ta huɗu ita ce mafi haɗari. Kafin zuwansa makarantar kango ce. Wannan yabo ne da aka ɗora a kan zagin wani. Wanda ya riƙe makarantar kafin shi yana da 'ya'ya da jikoki. Mai dubawa ba zai nemi a sassauta ta ba. Zai ce a cire.

Abin da mai dubawa ke yi a duk jumlolin nan iri ɗaya ne. Yana ɗauke siffa, yana sa aiki a gurbinta. Gwarzo, haziƙi, jajirtacce, siffofi ne, kowa ana iya kiransa da su. Ya haɗa kan iyaye suka gina aji biyu, aiki ne, kuma na mutum ɗaya ne. Ba a hana siffa gaba ɗaya ba. Guda ɗaya, a ƙarshe, bayan an jera ayyukan, tana zama daram. Ita kuma addu'a ba ta cikin abin da ake ragewa.

Wata matsalar takan taso daga ɗaya ɓangaren, wato daga mai tarihin kansa. Dattijo mai kunya, idan aka tambaye shi me ya yi, sai ya ce, "Ai ba mu yi komai ba, ku dai rubuta abin da ya sauwaƙa." Marubucin da ya dawo hannu rabbana shi ne yake cike gurbin da kirari. Saboda haka idan mai dubawa ya ga siffofi sun yi yawa, ya gane cewa bayanai ne suka yi ƙaranci. Maganin shi ne ya tura marubucin wurin abokan aikin mutumin da tsofaffin ɗalibansa, da tambayoyi ƙanana. Wace shekara aka fara ajin 'yan mata? Wa ya je ya roƙi iyayensu?

Kashi na biyar: zagaye na uku, rubutun da ya sandare.

Abin da aka saba gani bayan an rage yabo shi ne takarda ta dawo a bushe. Marubucin ya ji tsoro, ya koma salon takardar neman aiki. Ga yadda ta dawo:

"Wanda ake karramawa ya kasance an haife shi a shekarar 1964, inda ya halarci makarantar firamare daga shekarar 1972 zuwa shekarar 1978, inda daga bisani ya samu gurbin karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Bichi, inda ya samu nasarar kammalawa a shekarar 1983, bugu da ƙari ya kasance ya samu takardar NCE ta hanyar Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna."

Babu ƙarya a ciki. Babu yabo. Amma wanda ya karanta wannan a lasifika numfashinsa zai ƙare kafin ya kai Bichi.

Idan mai dubawa ya ce bai yi daɗin ji ba, marubucin zai ɗauka yabon ake so ya dawo, sai a koma gidan jiya. Dole a nuna masa alamomin sandarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ana iya ƙirga su. Jumla ɗaya ce, kalma kusan 60. Kalmar "inda" ta fito sau uku, tana ɗaure abubuwan da ya kamata su tsaya da ƙafarsu. "Ya kasance" ta fito sau biyu ba ta ɗauke da komai. Shekaru huɗu sun taru a numfashi ɗaya, kunne kuwa ba ya riƙe lambobi da yawa a jere. Sannan an kira mutumin wanda ake karramawa, alhali duk garin Malam suke ce masa.

Mai dubawa zai ce: "Ƙanena, bayanan sun yi daidai, kada ka sauya ko ɗaya, kuma kada yabon nan ya dawo. Abu uku nake so. Ka raba wannan jumlar gida huɗu. Kowace jumla kada ta ɗauki shekara fiye da ɗaya ko biyu. Ka cire 'ya kasance' duk inda take. In ka rasa yadda za ka faɗa, ajiye takardar ka ba ni labarin da baki, yadda za ka ba mahaifinka."

Wannan dabara ta ƙarshe tana aiki ƙwarai. Mutumin da rubutunsa ya sandare, bakinsa yawanci lafiya lau yake. Ya faɗa, a rubuta abin da ya faɗa, a ɗan gyara. Ga abin da ya fito:

"An haifi Malam a garin nan a 1964. Ya fara da karatun allo, har aka kai shi Haɗeja. Da ya dawo aka sa shi firamare, yana ɗan shekara takwas. Daga nan sai Kwalejin Horon Malamai ta Bichi, ya fito a 1983. Shekara ɗaya bayan haka ya shiga aji, alli a hannu. Yana koyarwa yana karatu, har ya samu babbar takardar malanta ta NCE."

Shekaru biyu kacal suka rage a fili, sauran an mayar da su magana: yana ɗan shekara takwas, shekara ɗaya bayan haka. Bayanin bai ɓace ba, kuma tsohuwar da ke zaune a bayan rumfa za ta iya bin sa.

A kula da iyaka a nan. Sassauta rubutu ba ya nufin a shigo da wasa. Laƙabin da ɗalibai suke kiran malami a ɓoye, ko barkwancin ɗakin malamai, ba su da wuri a gaban wakilin hakimi. Muƙamai da sarautu kuma a faɗe su cikakku, yadda aka san su.

Kashi na shida: yadda ake riƙe zagayen kada ya zama yawo.

Gyara yakan lalace idan masu gyara sun yi yawa. Mataimakin hedimasta ya ce a rage. Shugaban ƙungiyar iyaye ya ce a ƙara sunayen waɗanda suka ba da gudummawa. Babban ɗan mai tarihin ya bugo waya daga Kano ya ce ba a ambaci aikin hajji ba. Marubuci ɗaya, umarni uku masu karo da juna. Hanyar fita ita ce kowa ya kai maganarsa wurin mai dubawa, shi ya tace, shi kaɗai ya isar. Idan an yarda a ƙara wani abu, a faɗi abin da zai fita ya ba shi wuri, domin minti 3 ba ya ƙaruwa.

Kowane daftari a rubuta masa lamba da kwanan wata a saman shafi. Na ɗaya, na biyu, na uku. Yakan faru a kai wa mai buga takardu tsohon daftari, ranar taro a ji an karanta kuskuren da aka gyara tun mako biyu da suka wuce.

Saƙon murya ta waya yana da sauƙi, amma saƙon minti biyar da ya haɗa gaisuwa da gyara goma, marubuci zai riƙe uku ya manta bakwai. Idan da murya za a aika, a ambaci lambar sakin layi kafin kowane gyara, kuma kada gyaran ya wuce huɗu ko biyar. Wanda ya fi shi ne a sa lamba a jikin takardar da jan biro, a ɗauki hotonta a tura.

Abin da aka amince da shi a zagayen baya, an rufe shi. Mai dubawa da ya ce a cire tarihin gari a zagaye na farko, ya dawo a na uku ya ce ina tarihin gari, ya karya gwiwar marubuci. Idan dole ne ya sauya ra'ayi, ya faɗa a fili cewa shi ne ya sauya, ya kawo dalili.

Akwai kuma batun girma. Wani lokaci mai dubawa shi ne ƙarami, marubucin kuwa dattijo ne, wataƙila ma malaminsa. A nan ana sauya lafazi, ba a sauya daidaito. Zai ce: "Allah ya gafarta Malam, na karanta da agogo, ya kai minti shida, kwamiti kuma uku suka bayar. Ko za a duba sakin layi na biyu, tunda mai gabatarwa zai yi gaisuwar?" Wurin yana nan, dalilin yana nan, abin yi yana nan. An dai sa su cikin ladabi. Kuma ana yin wannan a keɓe, ba a tsakiyar ɗakin malamai ba.

Kashi na ƙarshe: zagaye na huɗu, kunnen mai tarihin.

Takardar yanzu kalma 350 ce. Saura abu biyu. Na farko, wanda zai karanta ranar taro ya karanta ta da ƙarfi, a tsaye, ana duba agogo. Duk inda harshensa ya sarƙe, a sa alama, a gyara wurin kaɗai. A duba ƙugiyar haruffa, domin na'urar wasu masu buga takardu takan zubar da ita, sai ɓ ta koma b, ƙ ta koma k, mai karatu ya yi tuntuɓe a gaban jama'a.

Na biyu, a kai wa mai tarihin a karanta masa. A nan ma tambaya tana buƙatar daidaito. Idan aka ce, "Baba, ya yi?" zai ce ya yi, Allah ya yi albarka, ko da akwai abin da ya sosa masa rai. A tambaye shi ɗaya-ɗaya. Shekarun nan daidai ne? Akwai malaminku ko maigidanku da ya kamata a ambata ba a ambata ba? Adadin iyali, a faɗa ko a bari? Akwai abin da ba ku so a karanta a gaban mutane? Wani ba ya son a ƙirga masa 'ya'ya a lasifika. Wani kuma abin da ya fi damunsa shi ne a ambaci malamin allon da ya fara koya masa karatu. Marubuci da mai dubawa ba za su san wannan ba sai sun tambaya.

Alamar an gama ita ce gyaran da ke zuwa ya koma na son rai: wannan ya fi son wata kalma, wancan ya fi son wata, ma'ana kuwa ɗaya ce. A nan ake tsayawa. Zagaye uku ko huɗu sun ishi takarda mai shafi ɗaya. Idan an kai na shida ana ta juyawa, a koma a tambayi kwamiti wa zai saurara da minti nawa aka bayar, domin yawanci a can aka bar baya da ƙura.

Masu sauraro, duk wanda aka ba duba irin wannan takarda, ya nemi a kawo masa ita aƙalla mako biyu kafin ranar taro. Kowane zagaye yana cin kwana biyu ko uku, mai buga takardu kuma yana son nasa lokacin.